Waken Da Ba Na Saye

Wata huɗu na yi ina sayar da shinkafa da wake a bakin tashar Gwarzo kafin na gano cewa ba ciniki nake yi ba, sadaka nake rabawa da dukiyar wani.

Rumfar kwano ce mai benci biyu. Na kama ta ne bayan kaka, da kuɗin adashin da na yi shekara ina zubi. Tun ina budurwa a Garo ake yabon girkina, kuma duk wanda ya ci ya ƙoshi sai ya ce, ai ke da za ki buɗe wurin abinci da kin yi arziki. Mutum in ya ci kyauta ba abin da ba zai faɗa ba. Ni kuwa na ɗauki maganar da gaske.

Maigidana malamin firamare ne, lissafi yake koyarwa, saboda haka shi ya zauna ya yi mana lissafin farko a bayan wani tsohon littafin darasi. Ya ja layi da rula, don ba ya son aikin ganin dama. Ya ce kuɗin da ke fita iri biyu ne. Akwai wanda sai ya fita ko na sayar ko ban sayar ba, akwai kuma wanda ke bin faranti.

Na farkon ya jera su. Hayar rumfa dubu goma a wata. Mai gadi da masu shara dubu uku. Matar da ke taya ni wanke-wanke dubu ɗaya a rana. Itace da ruwa dubu ɗaya da ɗari biyar a rana, domin wuta in an hura ta an hura, ba ruwanta da yawan masu ci. Kwana ashirin da shida nake fita a wata, ban da Juma'a. Ya tara ya raba, ya ce dubu uku kenan kullum.

Sannan ya dawo kan tukunya. Kwano huɗu na shinkafa da kwano biyu na wake suna ba ni faranti sittin. Shinkafar dubu goma sha huɗu ce. Mai da yaji da albasa da gishiri da leda dubu huɗu. Da ya zo kan wake sai ya ɗaga kai.

"Waken fa?"

Na ce, "Inna za ta riƙa aiko mana daga gida."

Ya sunkuya ya zana sifili, zagayayye, mai kyau, irin wanda yake koya wa 'yan aji ɗaya.

Daga nan sauran ya zo da sauƙi. Dubu goma sha takwas a raba wa faranti sittin, kowane faranti ya ci ɗari uku. Ina sayarwa ɗari biyar, saura ɗari biyu. Malam bai manta da faranti goma da ba a biya ba, na shaide shi a nan. Namu na gida yana ciki, da na mai wanke-wanke, da na dangi. Duk mutumin Garo ko Gammo da ya sauka a tasha, in dai kakarsa ta taɓa gaisawa da tawa, a bencina yake hutawa, kuma ba a ce wa irin wannan ya kawo kuɗi. In ya gama zai sa hannu a aljihu a hankali, ni kuma in ce haba Kawu, shi kuma ya fito da hannun da sauri. Waɗannan goman Malam ya mayar da su dubu uku, ya ɗora a kan dubu ukun rumfa, suka zama shida. Ya raba da ɗari biyu.

"Faranti talatin," in ji shi. "In kin sayar da talatin, ba ki ci ba, ba a ci ki ba. Daga na talatin da ɗaya naki ne."

Ni kuwa hamsin nake sayarwa. Ashirin sau ɗari biyu, dubu huɗu kenan a rana. Na riƙa ƙirga masu ci a zuciya, in na kai na talatin sai in gyara ɗaurin ɗankwali.

Abu ɗaya ne ya riƙa ɗaure mini kai, shi ne ribar ba ta kwana a lalitata. Cikin hamsin ɗin nan, goma sha biyar na masu albashi ne, malaman makaranta da ma'aikata, waɗanda ke ci a rubuta sai ƙarshen wata. Abokan Malam ne yawancinsu, shi ma ya kawo su, ya ce yana nema mini kasuwa. Saboda haka abin da ke shiga hannuna kullum kuɗin faranti talatin da biyar ne, dubu goma sha bakwai da ɗari biyar. Abin da ke fita kuwa, kayan tukunya da itace da ruwa da mai wanke-wanke, dubu ashirin da ɗari biyar. Kullum ina da giɓin dubu uku, ni mai riba. Giɓin nan wurin mai shinkafa nake kai shi, ya rubuta. In wata ya ƙare, masu albashi su zube mini dubu ɗari da casa'in da biyar a lokaci guda. In kai wa mai shinkafa saba'in da takwas, in biya haya da mai gadi goma sha uku, a bar ni da ɗari da huɗu.

Ranar da na fara riƙe wannan ɗari da huɗun, ban san lokacin da na fara tafiya a hankali kamar matar ɗan majalisa ba. Na saya wa yara takalma. Na saya wa Malam yadi. Na yanko wa Inna atamfa turmi guda na aika mata, da saƙon cewa daga ribar 'yarta ne. Da azumi ya zo muka rufe rumfa, ina biyan haya ba ciniki, kayan salla kuma suka lashe abin da ya rage. Ban damu ba. Mai riba ba ya tsoron wata mai zuwa.

Waken kuwa bai taɓa yankewa ba. Ƙanena, wanda ke noma gonar gidanmu tun rasuwar Baba, shi ke ɗauro buhu a bayan babur duk bayan mako uku. Ba mai yawan magana ba ne. Zai sauke, ya ci faranti ɗaya daga cikin goman nan, ya ce Inna tana gaishe ki, ya juya. Ranar da ya kawo na shida, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, manoma sun fara gyaran gona. Ya sauke buhun, ya ƙi cin abinci, ya tsaya yana goge madubin babur ɗin da ba datti a jikinsa.

"Yaya, wannan fa shi ne na ƙarshe."

Na ce to Allah ya kai mu kaka. Wallahi abin da na ce kenan, ina zuba wa wani direba yaji.

Washegari na tafi wurin mai shinkafa da babbar magana. Ina so ya ba ni buhu guda bashi, don na yanke shawarar ƙara tukunya ta biyu. Dattijo ne, Alhaji, ya haura saba'in, ya fi shekara arba'in yana awo. Ba ya rubuta komai sai bashi, sauran duk a kansa suke. Muka gaisa, ya tambayi Malam, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, ya tambayi zafi. Sannan ya ce in ba shi labarin tukunyar da ke akwai kafin a haifo mata ƙanwa.

Na karanto masa lissafin Malam tiryan-tiryan, har da talatin ɗin. Yana ji yana tsince tsakuwa daga cikin shinkafa.

"Wake nawa kike saye?"

"Ba na saye, Alhaji."

"Daga sama yake zubowa?"

"Daga gida ne. Na Inna."

"To ita Innar, a nawa take sayar da shi in ba ta ba ki ba?"

Ya ɗaga murya ya tambayi maƙwabcinsa mai wake nawa kwano yau. Aka ce dubu uku.

"Kwano biyu dubu shida," in ji Alhaji. "Ribar taki nawa kika ce?"

"Dubu huɗu."

"To."

Ya auna wa wata mata rabin kwano, ya yi mata gyara, ya karɓi kuɗi. Ni ina tsaye da jakata.

Da ya juyo sai ya bi da ni a hankali, kamar mai tsallakar da makaho titi. In aka sa wake, tukunya dubu ashirin da huɗu take ci, ba goma sha takwas ba. Faranti ɗaya ɗari huɗu kenan, abin da ke saura a kansa ɗari ɗaya. Faranti goman kyauta sun koma dubu huɗu. A haɗa da dubu ukun rumfa, bakwai. Dubu bakwai, ana tara ta da ɗari-ɗari.

"Faranti nawa kenan, Hajiya?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma bai taɓa kira na Hajiya ba sai ranar.

Na ce, "Saba'in."

"Kina sayar da hamsin. Kullum kina faɗuwa dubu biyu. Tsohuwa tana zuba shida, rumfa ta cinye biyu, ke ki kwashe huɗu ki ce riba. Ba sata kika yi ba, Allah ya sani. Amma in kin ƙara tukunya a haka, sai ki nemo uwa ta biyu."

Ya ƙara da cewa in na fara sayen wake gobe, giɓin kullum zai tashi daga dubu uku ya koma tara. Kafin masu albashi su biya ni, ana bina dubu ɗari biyu da talatin da huɗu, ga haya, su kuma ɗari da casa'in da biyar ce a hannunsu. Ya ce shi ba zai iya ɗaukar wannan ba, ko da ni 'yar cikinsa ce.

A nan ne na tuna da atamfar. Da kuɗin wakenta na saya mata, na kuma aika da saƙo. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa yadda zan yi wa Alhaji sallama.

Da na isa gida na ajiye wa Malam littafinsa a buɗe, na sa yatsa a kan sifilin. Ya duba, ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce a ƙa'ida lissafin daidai ne, bayanan da aka ba shi ne ba su cika ba. Na ce a ƙa'ida yau tuwo za a ci, ba shinkafa. Bai musa ba. Daga baya ya ɗauko rula ya sake jan layi, ya kuma samu saba'in, ya ce Alhajin nan da ya yi boko da an ji jiki.

Amma ba rumfar ce ta hana ni sukuni ba, buhun nan ne da ke jingine a ɗaki. Inna ba ta taɓa sayar da wake da kaka ba. Ajiyewa take yi sai ya yi tsada gab da damina, ta sayar ta sayi taki ta biya 'yan ƙwadago. Buhun ƙarshe kuma ba a taɓa shi, don a cikinsa ake fitar da iri. Irin namu na gida ne, ƙanana farare masu saurin nuna, waɗanda Baba ya riƙe tun kafin a haife ni. Na cinye kuɗin taki, wannan ya riga ya wuce. Amma irin yana nan a ɗakina, ko ɗinkin bakin ban kwance ba. Na ce ko me za a yi, wannan buhun zai koma Garo.

Mayar wa uwa kyautarta ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Malam ya ce in bari ya raka ni don ya yi bayani. Na ce bayaninsa ya isa haka. Ranar Juma'a da safe na sa aka ɗora buhun a motar Kabo, daga can na ɗauki ɗan acaɓa, ni a baya, buhu a kan tanki, muna tafe muna karkata.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Muka gaisa, ta tambayi kowa da kowa har da mai wanke-wanke. Ɗan acaɓa ya shigo da buhun ya jingine a jikin rumbu. Ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta.

"Ƙwari ne a ciki?"

"A'a, Inna."

"To me ya yi miki?"

Na zauna a kan turmi na yi mata lissafin Alhaji, ina haɗawa da yatsu. Ban taɓa yi wa Inna magana mai tsawo haka ba. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

"Faranti nawa kika ce sai kin sayar?"

"Saba'in."

"Kina sayar da nawa?"

"Hamsin."

"Ashe ni ce ashirin ɗin."

Na ce har da ƙari. Na ce mata ta yafe mini, na ci taki, amma ga iri na dawo da shi, a shuka.

Ƙanena yana bakin zaure yana ɗaure ƙotar fartanya. Na ji ya yi wani ɗan tari. Inna ta ce masa ya je ya duba ko an kira salla, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba. Bai tafi ba. Ya taso ya zaro wuƙa ya farke bakin buhun, ya ɗebo ya zuba mini a tafin hannu.

Manya ne, masu baƙin hanci, irin na kasuwa. Ba namu ba ne.

"Buhu huɗu muka samu bana, Yaya, har da na iri," in ji shi. "Na biyar da wannan saye aka yi."

Ni mai dafa wake kullum, na dafa buhu guda na waken kasuwa ban lura ba. Ina can ina ƙirga faranti.

Na ce, "Da wane kuɗin?"

Sai a lokacin na lura gidan ya yi shiru da yawa. Na waiwaya bayan ɗakin Inna, inda take ɗaure awakinta. Turaku biyar, igiyoyi a naɗe an rataye su a jikin danga, an share wurin tas.

Na ce, "Inna, don Allah me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta kaɗe rariya a gefen ƙwarya. "Kin aiko kin ce kina samun riba. Ƙaninki ya zo ya ce ya gan ki kina dariya da mutane, kin yi ƙiba. Tun da aka kai ki Gwarzo ban ji an ce kin yi ƙiba ba. Sai in aika in ce me?"

Na yi kuka a kan turmin nan, ba na ɓoyewa. Ita kuwa ta ce in tashi daga kan turmi, ba kyau, in kuma zan yi kukan in matsa daga kusa da gari.

Buhun bai dawo Gwarzo ba. Ƙanena ya kai shi kasuwa aka sayi taki da kuɗin, ya ishi rabin gonar. Ni kuma ranar Asabar na mayar da faranti ɗari shida. Yanzu ɗari biyu ke saura a kan kowanne, dubu bakwai ta koma faranti talatin da biyar. Mutum shida suka yi fushi suka koma wurin mai taliya, aka bar ni da arba'in da huɗu. Tara ne nawa, dubu ɗaya da ɗari takwas a rana, kuma wannan karon nawa ne. Masu albashi na ce musu rabi a hannu, rabi a littafi, don giɓin ya ragu Alhaji ya iya ɗauka. Malam ne ya kai musu saƙon, tunda shi ya kawo su. Kawunnai dai suna nan suna sa hannu a aljihu. Wannan ban iya taɓa shi ba, na bar shi a lissafi yadda yake.

Awakin ina mayar mata da su ɗaya bayan ɗaya, yanzu saura biyu. Irin ne ban samu ba. Na tambaya a Garo, na tambaya a Gammo, na aika har Sabon Birni. Kowa sai ya ce a da akwai mai irinsa, amma a gidanku muke karɓa. A buhu na huɗu ya zo mini, na jiƙa shi na dafa cikin mako uku, na sayar wa direbobi a ɗari biyar, wanda ya ce a ƙara masa na ƙara.